Buhu Huɗu a Shagon Baba

A shekarar da yaran daji suka kayar da turakun wutar lantarki, Maiduguri ta zauna cikin duhu wata da watanni, ni kuwa na zama mai muhimmanci a layinmu na Gomari ba don wani ilimi ko dukiya ba, sai don ina da farantin sola guda biyu a kan rufin shago. Littattafan rubutu nake sayarwa, da biro da takardar ɗab'i, ina kuma yin fotokwafi idan batir ya yarda. Banki ya ba ni na'urar POS saboda masu makarantu da ke sayen kaya da yawa, su biya da kati. Tawa ce kaɗai ba ta mutuwa a layin. Na sauran kuwa kafin la'asar sun zama duwatsu.

Shagon da ke jikin nawa na Baba ne, mai hatsi. Ba mahaifina ba ne, abokin mahaifina ne tun a Abbaganaram, inda aka haife ni. Shi ya yi mini huɗuba a kunne, shi ya karɓa mini aure. Da rikici ya yi tsanani a cikin gari ya kwaso iyalinsa ya dawo Gomari, ni na nema masa shagon. Dogon tsoho ne mai tsagen Barebari, ba ya ɗaga murya, ba ya rubuta komai. Duk bashin da yake bin mutane da wanda ake binsa yana kansa, kuma ban taɓa jin an ce ya ci kwabon wani ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya ɗauka labarin maci amana zan bayar. Da maci amana ne da tuni na huce.

A lokacin, aron na'ura ba komai ba ne. Mai saye ya zo ba kuɗi a hannu, mai shago ya ce masa, shiga nan maƙwabta ka sa katinka. Kuɗin su faɗa asusun mai na'ura, washegari ya ciro ya miƙa wa mai kaya. Kowa yana yi, kamar aron tsintsiya. Na yi wa mai kemis, na yi wa tela, na yi wa Baba ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba.

Wata rana da yamma Baba ya shigo da wani mutum mai farar akori-kura, da tabarau da takalmin tafiya daji, irin 'yan kwangilar da suka cika garin a shekarun nan suna kai abinci sansanonin gudun hijira. Ya sayi wake buhu goma a kan dubu arba'in arba'in. Na danna dubu ɗari huɗu, ya sa kati, ya sa lambarsa ta sirri, na'ura ta ce an amince, ta fito da rasit biyu. Na ba shi ɗaya, na jefa ɗaya a gwangwanin madara inda nake tara su. Motarsa tana da wasu kaya, buhu shida kawai ta ɗauka. Ya ce huɗun zai dawo ya kwasa. Baba ya ce Allah ya kai mu. Washegari kuɗin suka shigo asusuna, na je banki na sha layi, na kawo wa Baba abinsa cif. Na manta da zancen.

Kusan wata biyu bayan haka, ana shirin komawa makaranta, lokacin da mai sayar da littafi yake samun abin da zai ci har ƙarshen shekara. Na tara dubu ɗari huɗu da 'yan kai, jarina ke nan kaf, har da abin da matata ta kwaso daga adashi. Ranar Litinin na zauna zan tura wa dillalina na Kano ya ɗoro mini kaya, waya ta ce kuɗina ba su isa ba. Na sake, ta sake. Na zagi sabis, na zagi wayar, na rufe shago na hau keke mai ƙafa uku zuwa banki.

Shiga banki a Maiduguri a lokacin aiki ne na kansa. A caje ka a bakin titi, a caje ka a ƙofa, ka tsaya a rana kana ɗaga riga kamar mai tallan ciki. Da na samu shiga aka tura ni teburin wata budurwa mai kula da masu na'ura, 'yar kudancin Borno, da ɗan gicciye a wuya da Hausa mai daɗi. Ta duba kwamfuta, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ba ka ga saƙonmu ba? An riƙe kuɗin ne. Wani mai kati ya kai ƙara bankinsa, yana son a mayar masa da kuɗinsa. Mun tura maka takarda ta imel."

Imel ɗin nan ranar da zan karɓi na'ura aka buɗe mini shi a wannan bankin, tun daga ranar ban sake leƙa shi ba. Ta buga mini takardar, shafi ɗaya. Ta ce in zauna in karanta a tsanake, in duba abu uku: adadin kuɗin, da ranakun, da wa'adin da aka ba ni.

Na zauna a benci na bi ta da yatsa. Na yi shekaru ina aikin akawu a makarantar sakandare kafin a rufe ta, na san yadda ake neman kuskure a takarda, kuma a ranar na neme shi kamar mai neman allura a cikin yashi. Lambar na'urar tawa ce. Lambar katin an rufe tsakiyarta da taurari, sai na farko da na ƙarshe. Babu sunan mutumin, babu wayarsa. Kuɗin da ake jayayya a kai naira dubu ɗari huɗu. Dalili kuwa layi ɗaya ne: an biya, ba a karɓi kaya ba. A nan na tuna mai akori-kura. A gabana aka loda masa buhu shida. Ni na riƙe masa igiya da zai ɗaure. In ma ƙorafi zai yi, na buhu huɗu ne, dubu ɗari da sittin, shi kuwa ya nemi duka.

Sai na zo kan ranar cinikin. Na tabbata ranar kasuwar da Baba ke karɓar kaya aka yi cinikin, Talata, takardar kuwa ta nuna kwanan watan da ya faɗa Laraba. Na koma teburin da sauri ina murna kamar na tsinci kuɗi.

"'Yar'uwa, takardarku ta yi ƙarya. Ranar ba daidai ba ce."

Ta jawo bayanan asusuna, ta juya mini fuskar kwamfutar. "Duba nan, Malam. Talata aka sa katin, Laraba aka kammala cinikin aka zuba maka kuɗin. Ranar zubawa suka rubuta. Ka ga wannan doguwar lambar? Ita ce shaidar cinikin, kuma ɗaya ce a nan da can. Ko ka yi gardama a kan rana, da lambar za su bi."

Murnata ta mutu a wurin. Saura wa'adi. An rubuta kwana biyar na aiki, ni kuma na fara ƙirga daga ranar da nake zaune, har na ga ina da mako guda. Ta girgiza kai, ta sa biro ta zagaye kwanan watan da ke saman takardar. Tun Larabar da ta wuce aka aiko ta. Alhamis da Juma'a sun tafi ina shago ina goge ƙura, Asabar da Lahadi ba a ƙirga su, Litinin kuma ga ni a cikinta. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ranar ƙarshe ɓaro-ɓaro: jibi Laraba, kafin a tashi aiki. In ban amsa ba, an ɗauka na yarda da ƙarar.

Ta yi mini bayani ba tare da gajiya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ina iya amsa cewa na yarda da dubu ɗari da sittin, na musanta sauran. Amma musu da baki ba ya zuwa ko'ina. Rasit ɗin na'ura yana da amfani, sai dai shi biya kawai yake tabbatarwa, mutumin kuwa bai ce bai biya ba. Abin da ake so shi ne shaidar cewa kaya sun shiga hannunsa: takardar ciniki, ko takardar ɗaukar kaya mai sa hannunsa, ko saƙon waya tsakanina da shi.

"Me ka sayar masa?" ta tambaya.

"Wake."

Ta sake duba kwamfutar. Ta rage murya. "Malam, na'urarka ta shagon littattafai ce. A yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ba a yarda ka karɓi kuɗin cinikin wani da ita ba. Na san kowa yana yi. Amma a wurin bankin mutumin nan, kai ne mai wake."

Na ce ta ba ni lambar wayarsa in kira shi mu yi magana irin ta mutane. Ta ce ba abokin hulɗarsu ba ne, ba su da ita, ko da suna da ita ma ba za su bayar ba.

Na koma shago na zazzage gwangwanin madara a kan tebur. Wanda bai san zafin Maiduguri ba ba zai gane ba. Takardar rasit ɗin nan ba tawada ba ce a jikinta, zafi ke fito da rubutun, zafi kuma ke cinye shi. Wata biyu a ƙarƙashin kwano sun mayar da rabinsu farare, rabi sun yi baƙi kamar an gasa. Na sami ɗaya da ake iya ganin huɗu da sifirai a jikinsa idan an karkata shi ga haske. Na yi masa fotokwafi, ya fito fari tas. Ban damu ƙwarai ba, tunda bayanan asusu sun nuna biyan. Abin da ya rage a hannun Baba yake.

Washegari da safe na rubuta takarda da hannuna, layi biyar: cewa a rana kaza shi mai hatsi ya sayar da wake buhu goma, an biya ta na'urar maƙwabcinsa, mai saye ya ɗauki shida a gaban shaidu, huɗu suna nan. Na same shi a kan buzunsa a bakin shago yana jan carbi, na gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Baba."

"Wushe, ɗana. Lafiya na gan ka da takarda tun da safe?"

Na durƙusa na karanta masa takardar banki, na fassara, na karanta tawa. Ya saurara har ƙarshe. Ya nuna cikin shago da carbinsa. A lungu, kan katako, buhu huɗu ne jere, an lulluɓe su da tabarma.

"Ga kayansa nan. Ban taɓa ba. Farashi ya tashi, mutum uku sun nema, na ce ba nawa ba ne. Ya zo ya ɗauka."

"Baba, ba zai zo ba. Kuɗinsa ya nema, duka, kuma daga aljihuna za a cire. Sa hannu kawai za ka yi mini a nan. Ko dangwale."

Ya kalli takardar kamar na miƙa masa kunama. Ya duba hagu da dama, ya jawo ni kusa.

"Ka san mutumin?"

"A'a."

"Ni ma ban san shi ba. Ka san inda ya kai waken?"

"Baba, ina ruwanmu da inda ya kai?"

"Da ruwanmu. Kana so in sa hannu cewa na loda wa baƙo abinci buhu shida, ya fita da shi, ban san sunansa ba, ban san inda ya nufa ba. Takardar nan ta tafi inda ban sani ba. Gobe a tare motarsa a hanyar daji, a ce wa ya sayar maka, ga sunan tsoho a rubuce. Ka manta masu hatsi nawa aka ɗauka daga kasuwa a kan abin da bai kai wannan ba? Nawa suka dawo?"

Ban manta ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don ba ƙarya ya yi ba. A garin nan an yi lokacin da sayar da buhun masara ga wanda ba ka sani ba zai iya raba ka da iyalinka. Ɗan ƙanensa ma haka ya tafi. Amma ni a ranar ba tarihin Maiduguri ya dame ni ba, gobe Laraba ce ta dame ni. Na ce banki ne kawai zai gani. Ya ce takarda ba ta da amana. Na ce to ya ba ni buhu huɗun in sayar in rage asara, tunda in an mayar wa mutumin kuɗinsa, waken ya tashi daga nasa.

"Wa ya ce an mayar masa? Kai ka gani? Ni da shi muka yi ciniki, hannu da hannu. Ya ce ajiye mini, na ce to. In ya dawo gobe in ce masa me? In ce na'ura ta ce in bayar?"

"To kuɗin fa, Baba? Ni na kawo maka su da hannuna."

"Ka kawo, Allah ya yi maka albarka. Na biya masu kaya da su tun a makon. Kaya na sayar, kuɗi na karɓa. Wannan rigima tsakaninka da masu na'ura ce. Ka yi haƙuri, ɗana, gaskiya za ta yi halinta."

Na miƙe ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi masa ba tun ina yaro. Da wani ne da na tara masa jama'a. Amma ina zan kai ƙarar wanda ya karɓa mini aure? Matata ta ce in je wurin mai unguwa. Na ce in je in ce me, an ƙi cin amana?

Ranar Laraba na kai abin da nake da shi: bayanan asusu, da fatalwar rasit, da wasiƙata mai cewa na yarda da dubu ɗari da sittin, na musanta dubu ɗari biyu da arba'in. Tela da mai kemis, waɗanda suka ga lodi, kowa ya ce zai rantse da Alƙur'ani amma ba zai sa hannu ba. Budurwar ta karɓa, ta buga hatimi da kwanan wata, ta ba ni kwafi, ta tura a gabana tun kafin azahar. Ta ce, "Ka cika wa'adi, Malam, wannan dai babu mai cewa ka makara."

Bayan 'yan makonni amsa ta zo, wannan karon ina leƙa imel safe da yamma kamar mai jiran haihuwa. Na bi ta da yatsa ita ma. Adadin bai canza ba, dubu ɗari huɗu. An rubuta cewa an karɓi amsata a kan lokaci, amma babu shaidar miƙa kaya, saboda haka an mayar wa mai kati kuɗinsa. Akwai layin da ya ce ana iya ɗaukaka zancen zuwa mataki na gaba, da kuɗin shiga da wanda ya faɗi zai biya. Budurwar ta ce in ba sabuwar shaida, kada in ƙara wa kaina ciwo. A ƙarshen takardar aka ce in mayar da na'urar, tunda ni da hannuna na rubuta cewa cinikin wani na karɓa da ita. Na mayar musu.

An koma makaranta kantocina babu komai. Iyaye suna zuwa da jerin littattafai, ina cewa sun ƙare, suna tsallakawa gaba. Na sayar da farantin sola ɗaya na biya haya, na biyun ya bi shi kafin azumi. Matata ba ta taɓa yi mini gorin kuɗin adashinta ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na koma sayar da biro da fensir a kan tebur ɗaya, a shagon da a da mutum ba ya samun wurin juyawa.

Baba kuwa bai fasa komai ba. Kullum da safe ya ce wushe, in ce wushe. Sau biyu ya aiko gidana da kwanon gero, na karɓa don ba ni da ƙarfin mayarwa, na ci da haushi. Na nuna masa takardar hukuncin, na ce ga shi an mayar wa mutumin kuɗinsa, yanzu waken na wa? Ya ce shi bai iya karatun boko ba, kuma mutumin bai zo ya gaya masa da bakinsa ba. Buhunan suna nan a lungu. Ina wucewa ina ganinsu, dubu ɗari da sittin tawa lulluɓe da tabarma. Da zafi ya sake zagayowa na fara jin wani ɗan ƙara daga wajen idan layi ya yi shiru da rana, ƙwari ne suke aikinsu. Gari ya fara zuba ta ƙasan buhu.

Wata safiya ya leƙo shagona, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kantocin, ya kawar da kai. Na ɗauka yau dai zai ce wani abu, har na gyara zama na ba shi kujera. Bai zauna ba.

"Ɗana, abin nan yana damuna, ba na barci," ya ce. "Waken bawan Allahn nan yana lalacewa a hannuna. Ka duba cikin na'urar taka ko za ka ga lambarsa, ka gaya masa ya zo ya kwashi kayansa. Kada in mutu da haƙƙin mutum a kaina."